Mai Makulli da Sunan da Ya Kuɓuce Masa

In ka shigo layinmu ka wuce shagon mai gyaran waya, kafin ka kai kwanar da ruwa ke kwanciya, akwai wani ɗan lungu tsakanin shagon tela da bangon gidan bene. Faɗinsa bai wuce mutum ya miƙe hannuwansa biyu ba. A nan Baba Mai Makulli ya ƙarar da ƙuruciyarsa, a nan furfura ta same shi. Teburi ɗaya ne, da injin yankan makulli wanda fentinsa ya koɗe, da magagarai a cikin gwangwanin madara, sai allon katako cike da ƙusoshi, kowace ƙusa da makullan da ba a yanka ba a rataye. In iska ta shigo sai ka ji suna 'yar ƙara kamar ana wanke cokula a nesa.

Ya zo garin nan yana saurayi, ya koyi aikin a hannun wani tsoho mai gyaran kuba, wato makullin da ake dasawa a jikin ƙofa. Tsohon ya mutu ya bar masa injin da doka ɗaya. Wanda ya kawo makulli a hannunsa, a yanka masa irinsa. Wanda ya zo da hoto ko zane ko shatar makulli a jikin sabulu, ba a yi masa sai an san shi, an san gidansa. Baba ya riƙe wannan doka har mutanen layi suka saki jiki da shi. Mata kan ba shi ajiyar makullin gida in za su yi tafiya. 'Ya'yansa sun girma sun watse garuruwa, ya rage daga shi sai matarsa a ɗaki biyu bayan layi, ita da ƙafarta mai ciwo, shi da idonsa mai neman tabarau.

To, kowa da inda Allah ya rage shi. Baba ba ya manta fuska, ba ya manta ƙofa. In ya ga mutum sau ɗaya, ko bayan shekaru zai ce ya taɓa ganinsa. Amma suna, kai ka ce ruwa ake zuba masa a kwando. Kuma shi mutum ne da kowa ke gaida shi, domin duk wanda ya taɓa kwana a waje saboda ya yar da makulli ba ya manta wanda ya buɗe masa.

Saboda haka ya tara dabaru, yana bin su daki-daki kamar yadda yake bin haƙoran makulli. In mutum ya taho da fara'a yana miƙo hannu, Baba sai ya riga shi da murna, ya laƙa masa sunan da ba ya kuskure: tsoho ya zama Yaya, sa'a ya zama Mutumina, yaro ya zama Ɗana, mace kuwa 'Yata ko Uwar ɗakina. Daga nan sai ya ja gaisuwa ya yi ta ja, yana tambayar aiki da gajiya da mutanen gida. Mutanen gida yake cewa a dunƙule. Ya daina cewa "ya mai gidan?" tun ranar da wata ta amsa masa da cewa ai shi ma Baba yana wurin jana'izar mijin. In gaisuwa ba ta tono komai ba, sai ya jefa ƙugiya: "Rabonmu da haɗuwa tun yaushe ma?" ko "Har yanzu kuna can?" Mutum da kansa zai ce tun ranar da ka gyara mana ƙofar shago, ko ya ce ai mun tashi daga bayan makaranta. Da an ambaci ƙofa, Baba ya ga gidan a ransa, wani lokaci sunan ya biyo bayan gidan da kansa. In ya ƙi, sai ya miƙa wayarsa: "Sa mini lambarka, waccan wayar ta lalace, ka rubuta sunan yadda kake so." In wannan ma ta ƙi, saura Tela.

Tela maƙwabcinsa ne, ya girme wa 'ya'yan Baba amma bai kai Baba ba, bakinsa kuma ya fi almakashinsa kaifi. Sun yi yarjejeniya tun da daɗewa. In Baba ya ɗaga murya ya ce, "Tela, fito ku gaisa da babban baƙo," to Baba ya maƙale ke nan. Tela sai ya fito da tef a wuya ya miƙa hannu ya ce, "Sannu da zuwa, da wa nake gaisawa?" Baƙo ya faɗi sunansa, Baba ya cafe a iska ya ce, "Ka ji ka, Tela, wane ne ba ka sani ba?"

In baƙon ya tafi, Tela ba ya barinsa.

"Tsoho, yau ma na fitar da kai. Ni fa na fara tunanin sa maka kuɗin aiki."

"Je ka ƙarasa wandon mutane, wanda ka yi wa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya."

"Ai ni na san sunan mai wandon. Kai wata rana Mama za ta shigo ka ce mata, Uwar ɗakina, har yanzu kuna can?"

Ita Mama, matar Baba, ba ta ga abin dariya a ciki ba. Ta sha gaya masa in suna cin abinci.

"Malam, wannan wahalar ta mece ce? Ka ce masa, ɗana, fuskarka na sani sarai, sunan ne ya kuɓuce mini, tuna mini. Shi ke nan. Amma a farkon gaisuwa za ka faɗa. In ka bari kun yi nisa kuna dariya kuna tafawa, bakinka ya rufu, ba ka da ta inda za ka dawo."

"Mutum ya taho da murnarsa, in watsa masa ruwan sanyi?"

"Ruwan sanyin na ɗan lokaci ne. Wa ya taɓa mutuwa don an tambaye shi sunansa?"

"Ke ba ki san zaman shago ba."

"Na san zama da kai, ya ishe ni."

Wata rana da yamma, yana shirin rufewa, wata mata ta tsaya a bakin lungun da kayan aikin asibiti a jikinta, riƙe da hannun yarinya 'yar firamare. Nas muke ce mata a layi. Ba ta daɗe da kama ɗaki a hawa na biyu na wani gida can ƙarshen layi ba. Ta ce tana son a canza mata kuba, yau ɗin nan, kuma mai ƙarfi.

Baba ya ɗauki jakarsa ya bi su. Yana kwance tsohuwar kubar, ta tura yarinyar ciki ta kunna mata talabijin, ta dawo ta tsaya kusa da shi ta rage murya. Ta ce sun rabu da mijinta, kotu ta ba ta riƙon yarinyar, shi kuma ya rantse sai ya ɗauke ta ya kai ta inda uwar ba za ta ƙara ganinta ba. Ta ja hannun rigarta ta nuna masa wuyan hannunta, inda ƙashi ya ɗoru a karkace.

"Baba, ni da safe nake fita, sai yamma. Ita in ta taso makaranta ita kaɗai ce a ɗakin nan. Ƙofar nan ce kawai tsakaninta da shi."

Sai ta faɗi sunan mutumin, ta sake faɗa.

"In ya zo maka da wata magana a kan makulli, don Allah, Baba. Ai ka san shi, ya sha ba ni labarinka da."

Sunan ya shiga kunnen Baba ya zauna daram, domin da tsoro aka faɗe shi. Amma ya laluba a ransa bai ga fuskar da ke tafiya da shi ba. Ya kamata ya ce, 'yata, kwatanta mini shi. Sai ya dubi idonta, ya ga yadda ta jingina da shi gaba ɗaya, ya ji nauyin ya ce bai gane ba.

"Na san shi," in ji Baba. "Ki kwantar da hankalinki."

Ya dasa sabuwar kuba, ya gwada ta ciki da waje. Makulli biyu ya ba su. Na yarinyar ya zura masa jan zare ya rataya mata a wuya da hannunsa, ya tsuguna ya koya mata.

"In kin shiga ki murɗa sau biyu, sannan ki zare shi ki mai da wuyanki. In kika bar shi a ciki, mamanki ba za ta iya buɗewa ta waje ba. Kin ji, amaryata?"

Yarinyar ta ce, "Ni ba na auren tsoho."

Har uwar sai da ta yi dariya.

Watanni suka shuɗe. Yarinyar kan wuce ta gaban shago da jakarta, jan zaren yana leƙowa ta wuyan rigar makaranta, ta ce "Ango, ina wuni," ta ruga. Baba ya dasa irin wannan kubar a gidaje da yawa bayan nan, domin ita ake yayi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, Baba yana goge wani kwaɗo da ya yi tsatsa. Sai ya ji murya tun daga bakin titi.

"Baba na kaina! Baba Mai Makulli! Ashe rai kan ga rai!"

Wani dogon mutum ne, fes da shi, da farar riga da ƙamshin turare. Kafin Baba ya miƙe, ya riga ya durƙusa ya kama hannunsa da hannu biyu, bai damu da baƙin mai ba. Baba ya san fuskar nan. Ya san ɗan tabon da ke gefen gira, ya san yadda yake karkata kai in zai yi dariya. Sunan ne babu.

"A'a, a'a, Ɗana! Kai ne a gari? Tashi, tashi, ga kujera."

"Baba, ko dai ka manta ni?"

Nan ne ƙofar take a buɗe. Mutumin da kansa ya buɗe masa ita. Da Baba ya ce tsufa ya zo, tuna mini, da an yi dariya an wuce. Amma bakinsa ya riga shi.

"Haba! In manta ka in tuna wa?"

Suka shiga gaisuwa. Ya aiki, ya mutanen gida, duk lafiya. Baba ya jefa ƙugiyarsa.

"Rabonmu tun yaushe ma?"

"Ai tun ranar ruwan nan, Baba. Ranar da Mama ta faɗi a bakin kwata, na kwashe ku a motata zuwa asibiti. Ya ƙafar tata? Tana takawa?"

Sai ranar ta dawo wa Baba gaba ɗaya. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, Mama a kwance tana kiran sunan Allah, motoci suna wucewa suna watsa musu taɓo, sai wannan yaron ya tsaya. Shi ya ɗauke ta cak ya sa a kujerar baya, ya ɓata rigarsa, ya zauna da su har aka ɗaure ƙafar. Ya faɗi sunansa a ranar, Baba ya tabbata ya faɗa. Yanzu kuma an tuna masa alheri irin wannan, da wane baki zai ce wa mai shi, wane ne kai?

Ya ji sunan yana yi masa yawo a kan harshe. Ya ji kamar gajere ne. Ya bi haruffa a ransa ɗaya bayan ɗaya ko wani zai ja shi. Wani suna daban, na wani direba da ya sani, ya zo ya tsaya masa a hanya ya ƙi matsawa, duk lokacin da ya miƙa hannu shi yake kamowa. Yana ta wannan kokawa a ciki, a waje yana murmushi yana cewa ƙafa alhamdu lillahi.

Ya zaro waya. "Ɗana, sa mini lambarka, waccan ta lalace."

Mutumin ya karɓa ya danna ya miƙo masa. Baba ya sa tabarau ya duba. An rubuta "Ɗanka".

"Don kada ka sha wahalar nema, Baba."

Saura dabara ɗaya.

"Tela! Fito ku gaisa da babban baƙo."

Tela ya fito da allura a baki, ya cire ta, ya miƙa hannu. "Sannu da zuwa. Da wa nake gaisawa?"

Mutumin ya karkata kai ya yi dariya, ya dafa kafaɗar Baba. "Tambayi Baba. Ai ni ɗan gida ne. Ko ba haka ba, Baba?"

Su biyu suka juyo suna kallonsa.

"Ɗan gida ne," in ji Baba. "Ɗana ne wannan."

Tela ya ɗan tsaya, ya dubi Baba, ya ga Baba ya kau da kai. Ya mai da allurarsa baki ya koma shago.

Sai a lokacin baƙon ya kawo abin da ke tafe da shi. Ya ce tsohuwarsa ta tafi jinya wani gari da makullin ɗakinta, magungunanta da takardun asibitinta kuma suna ciki, ba ya son ya fasa mata ƙofa. Ta sa an ɗauki hoton makullin an turo masa. Ya nuna wayar.

"Na san dokarka, Baba, ba ka yi wa baƙo. Shi ya sa na tsallake masu makulli nawa na zo wurin wanda ya san ni."

Baba ya karɓi wayar. Wani abu ya ɗan taɓa shi a ƙirji, irin abin da yakan ji in haƙorin makulli bai zauna daidai ba. Dokar ta ce sai wanda ka sani. To ai ya san shi. Yanzu ya gama faɗa a gaban Tela cewa ɗansa ne. In ya ce a'a, me zai ce dalili?

Hoton ya fito sarai. Baba ya gane irin kubar da kallo ɗaya, ya miƙa hannu ya zaro makullinta daga ƙusa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har haƙoran suka cika fuskar wayar. Irin wannan makulli, zurfin kowane haƙori yana da mataki sananne, in ka san irin kubar ba sai ka auna da ma'auni ba, ido ya isa: wannan mai zurfi, wannan rabi, wannan kusan a shafe. Ya ɗaure makullin a bakin inji, ya yi masa alama, ya yanka a hankali, garin ƙarfe yana zuba a kan yatsunsa kamar gwal. Ya bi shi da magagari ya kashe kaifin, ya hure, ya ɗaga shi kusa da hoton. Bai taɓa yin aikin da ya fi wannan kyau ba.

"In ya cije, ka ɗan ja shi baya kaɗan sannan ka murɗa."

"Hannunka ba ya kuskure, Baba. A gaida Mama, a ce ɗanta na ranar ruwa yana gaishe ta."

Ya tafi. Tela ya leƙo.

"Tsoho, wane ne?"

"Wani yaron kirki ne."

"Ban tambaye ka halinsa ba."

"Zai zo mini. In na daina nemansa yake zuwa."

Haka yake yi masa kullum: sai ya saki sunan ya kama wani aiki, can yana wanke hannu ko yana kan hanya sai ya faɗo masa kamar an jefo. Ya koma kan kwaɗonsa. Rana ta take, 'yan makaranta suka fara wucewa. Yarinyar Nas ta wuce ta ce "Ango, ina wuni," ya ɗaga mata hannu. Sunan bai zo ba. Ya ƙarasa wani aiki, sannan ya ja ƙofar lungun ya tafi gida cin abinci.

Mama ta ajiye masa kwano ta zauna tana miƙe ƙafarta a kan matashi.

"Yau ɗanki ya zo yana gaishe ki. Wanda ya kai mu asibiti ranar da kika faɗi."

"Allah sarki! Yana nan?" Sai ta faɗi sunansa, haka kawai, kamar jiya aka gaya mata. "Yaron kirki. Na ji an ce daga baya ya auri wata ma'aikaciyar asibiti."

Cokalin yana hannun Baba bai kai baki ba. Sunan da ya zauna masa a kai wata da watanni ba fuska, da fuskar da ta durƙusa a gabansa ɗazu ba suna, suka haɗu suka shige juna kamar makulli da kubarsa. Sai hoton ya dawo masa, ba haƙoran ba, abin da ke ƙarƙashinsu. A kan tafin hannu aka ɗora makullin. Ƙaramin tafin hannu ne, na yaro.

"Malam, lafiya? Malam!"

Bai tsaya neman hularsa ba. Mutanen layi sun ga abin da ba su taɓa gani ba, Baba Mai Makulli yana gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya hau matakalar gidan yana dafa bango, numfashinsa yana fita da ƙara.

Ƙofar tana sakaye, ba a kulle ba. Makulli yana jikinta ta waje, sabo fil, bakin haƙoransa yana ƙyalli. Ya tura. Takalman makaranta suna bakin ƙofa a jere. Jaka tana kan kujera. A kan tabarma akwai faranti da abinci an ci rabi, talabijin yana ta magana shi kaɗai.

Maƙwabciyarsu ta fito daga ɗakin da ke kallon nasu, da kumfar wanki a hannu.

"Baba, ai babanta ne ya zo ya tafi da ita."

"Kina gani?"

"Ina gani. Tana ta kuka tana turjewa. Uwar ta taɓa ce mini in na gan shi in yi ihu. To amma na ga da makullinsa ya buɗe, bai ko taɓa ƙofar da ƙarfi ba. Na ce ashe sun shirya, ita ta ba shi. In ba ita ba, wa zai ba shi?"

Baba ya zauna a kan matakala. Maƙwabciyar ce ta kira Nas a waya.

Ta iso da kayan aiki a jikinta, ba mayafi, ba jaka. Ta wuce shi ta shiga ɗakin, ya ji tana buɗe banɗaki, tana ɗaga labule, tana kiran yarinyar, har ƙarƙashin gado ta duba. Sannan ta fito ta tsaya a gaban ƙofar. Ta zare makullin ta juya shi a hannunta. Garin ƙarfe ya maƙale mata a yatsa.

"Baba, wannan aikinka ne."

"Nawa ne."

"Na gaya maka sunansa. A nan, a bakin ƙofar nan. Ka ce ka san shi."

"Sunan na riƙe, 'yata. Fuskar ce ban haɗa da shi ba. Da ya zo kuma, fuskar na gane."

"Ba ka tambaye shi ba?"

"Ya gaishe ni," in ji Baba.

Ba ta zage shi ba. Mutanen da suka taru a matakala sun ce da ta zage shi da ya fi sauƙin gani. Ta sa makullin a aljihun rigarta ta sauka tana kiran lambar da ba a ɗauka.

An kai magana wurin 'yan sanda, Baba ya je ya faɗi abin da ya yi ba tare da ya rage komai ba. Lambar da aka rubuta wa "Ɗanka" ba ta taɓa shiga ba. Daga baya aka ji cewa mutumin ya tare yarinyar a ƙofar makaranta kwanaki kafin nan, ya saya mata alawa, ya ce ta nuna masa abin wuyanta. Danginsa suka ce rabonsu da shi an daɗe. An ce an gan shi a tashar mota, an ce an gan shi a wani gari, aka bi ba a samu ba. Nas ta rame har kayan aikinta suka yi mata yawa.

Baba ya rufe shago na wani lokaci. Da ya buɗe, mutum ne daban. Mata suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓe makullan da suka ba shi ajiya, kowace da uzurinta, shi kuma bai tambayi kowa dalili ba. Ya daina Mutumina, ya daina Uwar ɗakina. Duk wanda ya taho da fara'a, Baba sai ya amsa sallama, ya riƙe hannunsa, ya dube shi a ido tun kafin a kai ga ya gida.

"Fuskarka na sani. Sunanka ya kuɓuce mini. Gaya mini, ka gaya mini kuma inda na san ka."

Yawancin mutane dariya suke yi su faɗa, wasu har su ce su ma haka suke fama. In an faɗa, sai ya maimaita sunan da ƙarfi, ya sake sa shi a cikin sallamar rabuwa don ya zauna. Wasu kan ɓata rai. Wani mai shagon fenti da suka yi shekaru suna gaisawa ya ce, "Ni za ka tambaya suna, Baba?" ya saki hannunsa, bai ƙara tsayawa ba. Wanda kuma ya amsa da "haba, ai ka san ni," Baba ba ya sakin fuska, sai ya ce, "Ban sani ba, shi ya sa na tambaya," ya jira. Tela ya daina yi masa tsiya. Wani lokaci yakan kawo ɗinkin hannu ya zauna a bakin lungun, su wuni tare kowa yana aikinsa.

Nas ta daina bin gaban shagon, ta bayan layi take zagayawa. Sai bayan da ruwa ya ɗauke ya sake dawowa, wata yamma, Baba ya ɗaga kai ya gan ta tsaye inda ta tsaya ran farko, hannunta ba kowa. Ba ta gaishe shi ba. Shi ya miƙe ya kira ta da sunanta.

"Kubar tana cijewa," ta ce. "Sai na yi ta fama kafin ta buɗe."

Ya ɗauki jakarsa, ya ɗauki sabuwar kuba a kwalinta, mafi tsada da yake da ita, ya bi ta a baya. A bakin ƙofar ya durƙusa ya gwada. Laima ce ta shiga, ƙarfen ciki ya fara tsatsa. Ya buɗe kwalin.

"Gara a canza ta gaba ɗaya, 'yata. Wannan ba a yanka makullinta daga hoto. Ba sai kin ba da komai ba."

"Mayar da ita."

"Wanda ya yi hoto ɗaya yana iya..."

"Baba, na ce ka mayar. Da makulli a wuyanta ta tafi. Kai ka rataya mata. Ta san layin nan, ta san hawa na biyu, ta san sau biyu ake murɗawa. In ta zo ina wurin aiki fa?"

Baba ya rufe kwalin ya tura shi cikin jaka. Ya kwance tsohuwar kubar, ya baje 'yan ƙarafanta a kan ƙyalle, ya goge kowanne, bai taɓa ko ɗaya da magagari ba, ya mai da su yadda suke. Ta ba shi makullinta ya gwada. Sannan ta sa hannu a aljihu ta zaro ɗayan, wanda ya yanka daga hoto, ta miƙa masa.

"Gwada da wannan ma. Irin nata ne."

Ya zura shi ya murɗa. Ƙofar ta buɗe ba ko ƙara.